Jerin da ke cijewa idan ana jan allo: yadda ake gano firam ɗin da ya makara

"Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhajar Android mai nuna jerin kaya da hotunansu a cikin RecyclerView. A wayata lafiya ƙalau take tafiya, amma a wayar abokina da zarar an ja jerin da sauri sai ya riƙa cijewa yana tsalle. Na rage launuka, na cire inuwar da ke gefen katunan, babu abin da ya sauya. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka mayar da launukanka da inuwarka tukuna, don har yanzu ba mu kama su da laifi ba. Cire abubuwa ɗaya bayan ɗaya da fatan a dace shi ne abin da kusan kowa ke fara yi, ni ma na yi, kuma yawanci wahalar banza ce. Wayar tana iya gaya maka firam ɗin da ya makara da abin da ya riƙe shi, in ka san inda za ka duba.

Mu fara da lissafin lokaci, domin komai a kansa ya rataya. Abin da ido ke gani kamar motsi hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri, kowane ɗaya shi ake kira firam. Allon da ke sabunta kansa sau 60 a sakan yana neman sabon firam duk bayan milisakan 16.67. In allon mai sau 90 ne, lokacin ya ragu zuwa 11.1, mai sau 120 kuma 8.3. Allo ba ya jiran kowa. Idan lokaci ya yi firam ɗinka bai gama haɗuwa ba, sai ya sake nuna tsohon. Ka ɗauka jerinka yana gudu fiksel 3000 a sakan, wato fiksel 50 a kowane firam. Firam ɗaya ya ci milisakan 50 maimakon 16. Hoton zai tsaya cik na zagaye uku, sa'an nan ya yi tsallen fiksel 150 a tashi ɗaya. Wannan tsayawa da tsalle su ne cijewar da abokinka ke gani.

Shi ya sa matsakaicin adadi ke yaudarar mutane. A cikin sakan 10 ana sa ran firam 600. Ka rasa 20, lissafi zai ce kana samun 58 a sakan, ka ga kamar babu komai. Amma in ashirin ɗin nan a wurare huɗu suka taru, biyar-biyar, mai riƙe da wayar ya ga jerin ya yi tuntuɓe sau huɗu. Don haka abin da muke farauta firam ne masu tsawo, ɗaya-ɗaya.

Abu na biyu da ya kamata ka riƙe shi ne hanyar da firam ke bi. Rabin farko na aikin yana kan babban zaren manhajar, wato layin aiki guda ɗaya da ke karɓar taɓin yatsa, ya motsa abin da ke motsi, ya auna girman kowane abu, ya jera shi a wurinsa, ya rubuta umarnin zane. Daga nan sai ya miƙa wa wani zare mai suna RenderThread, wanda ya shigo tun Android 5.0 a 2014, shi kuma ya tura umarnin ga GPU ta zana. Kod ɗinka na onBindViewHolder a kan babban zaren yake gudana. Duk abin da ka ajiye a ciki, daga milisakan 16 ɗin nan yake ci. Inuwa da launi kuwa nauyinsu a rabi na biyu yake. Ka ga ke nan mai yiwuwa ne ka yi ta sauke kaya daga ɓangaren da tun farko bai yi nauyi ba.

## Ka fara gani da idonka

Ka ari wayar abokinka, ko wata mai irin ƙarfinta. Gwaji a wayarka ko a wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta ba zai nuna maka komai ba. Kuma ka girka ginin `release`, domin ginin `debug` yana tafiya a hankali saboda kayan bincike da ke tare da shi, har ya nuna maka ciwon da babu shi a wurin masu amfani.

A cikin saitin wayar, ka taɓa Build number sau bakwai don buɗe Developer options. A nan ka nemi Profile HWUI rendering (a tsofaffin wayoyi sunansa Profile GPU rendering), ka zaɓi On screen as bars. Sanduna masu launi za su fito a ƙasan allo, kowace sanda firam ɗaya ce, tsawonta kuma lokacin da ya ci. Akwai koren layi a kwance da ke nuna iyakar milisakan 16.67. Ka ja jerin, ka zuba ido ga sandunan da suka haura layin.

Launin da ya fi yawa a doguwar sanda shi ne alamar farko. Kore-kore na nufin aikin babban zare: karɓar taɓi, motsi, awo da jerawa, kuma a nan cika layukan RecyclerView ke faɗowa. Shuɗi mai haske lokacin ɗora hotuna ne zuwa GPU. Ja da ruwan lemo na ɓangaren zane ne. Sai ka lura da yanayin fitowarsu. In sandunan gajeru ne sai jefi-jefi wata ta yi sama daidai lokacin da sabon layi ke leƙowa daga ƙasa, to shirya layin ne ke da nauyi. In kuwa dukkansu sun ɗaga sama daidai wa daida, ko babu sabon layi, to zanen ne da kansa ya yi yawa.

Bayan ido sai adadi, don ka sami abin kwatantawa bayan gyara. Ka haɗa wayar da kwamfuta, ka sa sunan kunshin manhajarka a madadin `com.misali.kaya`, ka share tsohon lissafi da umarnin farko, ka ja jerin sama da ƙasa na kamar sakan 20, sa'an nan ka karanta da na biyu:

```
adb shell dumpsys gfxinfo com.misali.kaya reset
adb shell dumpsys gfxinfo com.misali.kaya
```

Layukan da za ka duba su ne `Janky frames`, da `90th percentile`, da `99th percentile`. In na 99 ya nuna 120ms, ma'anarsa firam ɗaya cikin ɗari yana kaiwa nan ko ya wuce. A ƙasa kuma akwai `Number Slow UI thread` da `Number Slow bitmap uploads` da `Number Slow issue draw commands`, waɗanda ke raba laifin gida uku. Ka rubuta su a takarda.

Wata ƴar gargaɗi. Mutane da yawa suna dogara da saƙon nan na Logcat mai cewa `Skipped 30 frames! The application may be doing too much work on its main thread`. Ba ya fitowa sai an rasa firam 30 a jere, rabin sakan ke nan. Rashin ganinsa bai wanke manhajarka ba, don cijewar firam uku ko biyar ba ta kai ya yi magana.

## Bin sawun firam guda ɗaya

Sanduna suna nuna ɓangaren da matsalar take, ba sa nuna layin kod. Don wannan sai an ɗauki sawu, wato rikodin aikin da kowane zare ya yi da lokacin da ya ci. Ka sa wannan a cikin `<application>` na AndroidManifest.xml don a iya bin sawun ginin `release`:

```xml
<profileable android:shell="true" />
```

Ka ɗauki System Trace ta Profiler na Android Studio yayin da kake jan jerin. Sakan 5 zuwa 10 sun isa, dogon sawu wahalar karantawa kawai yake ƙarawa. Ni na fi son buɗe shi a ui.perfetto.dev. A wayar da ke da Android 12 ko sama, a ƙarƙashin sunan manhajarka za ka ga layi biyu, Expected Timeline da Actual Timeline. Firam ɗin da manhajarka ta makarar yana fitowa ja. Ka danna ɗaya, ka sauka zuwa babban zare, ka ga `Choreographer#doFrame` da abin da ke ƙarƙashinsa. RecyclerView yana sa wa ayyukansa suna mai farawa da RV, kamar `RV OnBindView` da `RV CreateView`, sababbin fitowa kuma sun ɗan sauya rubutun sunan.

Bari in ba ka misalin wani aiki da ya zo hannuna, don ya yi kama da naka sosai. Jeri ne na kaya, kowane layi da ƙaramin hoto a hagu da suna da kwanan wata. A wayar mai manhajar sumul, a ƙaramar waya kuwa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shi ma ya riga ya cire inuwa da lanƙwasar kusurwa. Da na buɗe sawun, yawancin firam suna gamawa cikin milisakan 6 zuwa 8, amma kowane jan firam yana ɗauke da `RV OnBindView` guda mai faɗin fiye da milisakan 100, a cikinsa kuma `decodeBitmap` ya cinye kusan duka. Ga abin da ke cikin kod ɗin:

```kotlin
val bmp = BitmapFactory.decodeFile(kaya.hanyarHoto)
holder.hoto.setImageBitmap(bmp)
```

Hotunan kai tsaye daga kyamara suke, fiksel 4000 a 3000. Mai manhajar ya ce ai kowane fayil bai fi megabayit 3 ba. Gaskiya ne, amma wannan girmansa ne a matse. Da zarar an warware shi, kowane fiksel yana cin bayit 4, kuma 4000 sau 3000 sau 4 ya ba da bayit miliyan 48. Gurbin da ake nuna shi 96dp ne, wanda a allon wayar ya zama fiksel 192 a 192, abin da bai kai kilobayit 150 ba. Wato ana warware abin da ya ninka bukata fiye da sau 300, a kan babban zare, duk lokacin da layi ya shigo. Kuma ɓarnar ba ta tsaya nan ba: sai an ɗora megabayit 48 ɗin zuwa GPU, shi ne shuɗi mai hasken da muka gani a sanduna, sa'an nan mai share ƙwaƙwalwa ya yi ta kai-komo yana kwashe tsofaffin. Babbar waya tana yin wannan aikin da saurin da ya rufa masa asiri, amma aikin yana nan.

Gyaran kashi biyu ne, kuma dole a yi su tare: a warware hoton a wani zare daban, kuma a warware shi daidai girman gurbinsa. In da hannu za ka yi, `inSampleSize` na 8 zai mayar da hoton 500 a 375, bayit 750,000. Sai dai ban ba ka shawarar yi da hannu ba, saboda akwai tarko. RecyclerView yana sake amfani da layuka. Kafin hoton layi na 3 ya gama warwaruwa, mai yiwuwa an riga an mayar da wannan layin na 15, sai hoton wani kaya ya faɗo a kan sunan wani. Laburare irin Glide ko Coil sun riga sun magance wannan: suna soke tsohuwar buƙata, su rage girma, su ajiye abin da suka warware don kada a maimaita.

```kotlin
Glide.with(holder.hoto)
    .load(File(kaya.hanyarHoto))
    .centerCrop()
    .into(holder.hoto)
```

Ka ba ImageView ɗin tsayayyen faɗi da tsawo. In ka bar shi a `wrap_content`, laburaren bai san iyakar da zai rage hoton ba, kuma idan hoton ya iso girman layin zai sauya, a sake awo da jerawa ana tsakiyar tafiya.

Da muka yi wannan, `RV OnBindView` ya sauko zuwa kamar milisakan 4. Har yanzu ya yi mini yawa, domin in an ja da ƙarfi layi uku na iya shigowa a firam ɗaya, 12 ke nan cikin 16. Sawun bai nuna abin da ke ciki ba, sai na sa alamata:

```kotlin
Trace.beginSection("tsara kwanan wata")
holder.rana.text = SimpleDateFormat("d MMM yyyy", Locale.getDefault()).format(kaya.rana)
Trace.endSection()
```

Sunan ya fito a sawu na gaba, shi ne ya ci mafi yawan ragowar. Ana ƙirƙirar sabon SimpleDateFormat ga kowane layi, alhali ƙirƙirarsa ta fi amfani da shi tsada. Muka mayar da tsara kwanan watan zuwa lokacin da ake ɗauko bayanan a bayan fage, layin ya karɓi rubutu gamamme. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada onBindViewHolder ya yi wani abu da ya wuce ɗora abin da aka riga aka shirya. Babu karanta fayil, babu tambayar rumbun bayanai, babu lissafi mai tsawo.

Wani abu da ke rikita masu fara karanta sawu: wani lokaci za ka ga firam ya yi tsawo amma babu wani aiki mai suna a ciki. Ka duba siririn layin da ke nuna halin zaren. In yana Running, aiki yake yi. In yana Runnable, a shirye yake amma wasu zaruruwa sun tare masa CPU, wanda kan faru idan ka saki ayyukan bayan fage da yawa a lokaci guda. In kuwa yana barci a tsakiyar firam, jira yake: ko karatu daga ma'ajiya, ko wani makulli da wani zare ya riƙe, ko amsa daga wani sashen tsarin wayar. Maganin kowanne daban ne.

## Ana murna, sai ga wata

Bayan hotuna, jerin ya yi santsi, amma duk sanda aka kai ƙasa sabon shafin kaya ya iso, sai ya ɗan yi tsam. A sawu sunan da ya fito shi ne `RV FullInvalidate`. Dalili: ana kiran `notifyDataSetChanged()` bayan ƙara kaya 20 a ƙarshen jeri. Wannan kira yana gaya wa RecyclerView cewa komai ya sauya, don haka sai ya sake cika duk layukan da ke kan allo a firam ɗaya, ko da babu wanda ya canza a cikinsu. `notifyItemRangeInserted` ya wadatar a nan, amma mun koma ListAdapter, wanda ke kwatanta tsohon jeri da sabo a bayan fage ta DiffUtil, ya taɓa abin da ya sauya kaɗai. Ka kula da abu ɗaya: dole ka ba `submitList` sabon jeri. In ka ƙara kaya a cikin tsohon ka sake miƙa shi, zai ga ai shi ne dai na ɗazu, ya yi shiru, ka zauna kana mamakin ina kayan suka shiga.

Akwai kuma gwaji na minti biyu da nake so ka yi tun yau. Ka sa `Log.d` a cikin onCreateViewHolder, ka ja jerin. Ya kamata ya fito kamar adadin layukan da allo ke ɗauka da ƴan kaɗan a kai, sa'an nan ya tsaya. In ya yi ta fitowa har adadin duk kayanka, to ba a sake amfani da layukan. Abin da ya fi jawo haka shi ne sanya RecyclerView a cikin NestedScrollView. Na wajen yana ba na cikin tsawo marar iyaka, shi kuma sai ya gina layi 500 a tashi ɗaya. In kan shafi kake so ya riƙa tafiya tare da jerin, ka mayar da shi layin farko na jerin, ko ka haɗa su da ConcatAdapter.

## In zanen ne ko motsin

A ce sawunka ya nuna babban zare yana gamawa da wuri, RenderThread ne ke daɗewa. A nan ne zarginka na farko zai iya zama gaskiya. Ka kunna Debug GPU overdraw a Developer options. Wurin da aka maimaita zane sau ɗaya yana zama shuɗi, sau biyu kore, sau uku ruwan hoda, sau huɗu ko fiye ja. Shuɗi da ɗan kore ba abin damuwa ba ne. In jerin duka ya yi ja, yawanci fenti ne a kan fenti: tagar manhaja da nata bango, shafin da nasa, RecyclerView da nasa, kowane kati da nasa, kuma na sama kaɗai ake gani. Ka cire na ƙasan.

Game da motsi kuwa, abin dubawa shi ne me kake sauyawa a kowane firam. In kana motsa abu ta hanyar canza `layoutParams`, tsawo ko tazara, kowane firam sai an sake awo da jerawa, sau 60 a sakan. In da `translationY` ko `scaleX` ka motsa shi, zanen da aka riga aka rubuta ake gusarwa kawai, babu sabon awo.

```kotlin
kati.animate().translationY(0f).setDuration(250).start()
```

Motsin milisakan 250 firam 15 ne kacal a allo mai sau 60, don haka rasa uku a ciki ido zai kama. Kuma irin wannan motsi ma babban zare ne ke tura shi gaba. In ka fara shi daidai lokacin da ake gina sabon shafi, zai cije komai kyawun rubutunsa. `alpha` na da nasa sharaɗin: in ka sa shi a kan rukuni mai abubuwa da suka hau juna, sai an zana rukunin a gefe tukuna kafin a dusashe shi, wanda ke da tsada in rukunin ya cika allo.

Duk abin da na faɗa a kan RecyclerView ne, kamar yadda ka ce kana amfani da shi. Lissafin lokaci da karanta sawu suna aiki ko da Compose ne, amma sunayen da za ka gani da magungunan sun bambanta. Sa'an nan akwai cijewar da gyaran adafta ba ya kawarwa. In jerin yana cijewa ne kawai a buɗewar farko bayan girkawa, daga baya ya ware, wannan alamar kod ɗin bai gama fassaruwa zuwa harshen na'ura ba ne, kuma Baseline Profiles aka tanada dominsa. Waya kuma in ta ɗauki zafi tana rage gudun kanta, sai awon da ka yi da safe ya saɓa da na bayan rabin awa kana gwaji. Don haka ka bar ta ta huce, ka yi kowane awo sau uku da irin jan hannu ɗaya, kuma ka sauya abu ɗaya tak tsakanin awo da awo, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Tunda jerin naka mai hotuna ne, kuma sai an ja da sauri yake cijewa, zatona ya fi ƙarfi a kan onBindViewHolder. Ka ɗauki awon `gfxinfo` na farko a wayar abokinka, ka buɗe jan firam ɗaya a Perfetto, ka turo mini sunan yanki mafi faɗi da ke ƙarƙashin `Choreographer#doFrame` tare da kod ɗin adaftar, mu duba tare.